Layin intanet ɗaya, na'urori goma sha huɗu

Tambaya

Gida ne mai mutum tara da rauta ɗaya, kuma idan aka ƙidaya wayoyi da talabijin da kwamfuta za a sami na'urori goma sha huɗu. Kamfanin intanet ya ce layin megabit 20 ne wajen saukewa, 5 wajen ɗorawa. Da rana lafiya lau, amma daga bayan sallar isha'i sai abu ya dagule. Uwargida tana ɗora bidiyon atamfofin da take sayarwa a WhatsApp, yara suna kallon YouTube a talabijin, babban ɗan gidan yana darasi ta Zoom, sai muryar malaminsa ta riƙa tsinkewa. Maigidan ma in ya kira ƙaninsa da ke ƙasar waje, sai "kana ji na?" ta cinye rabin hirar. Kowa yana zargin kowa. Shin a yanka wa kowace na'ura kasonta daidai wa daida, ko a fifita kwamfutar mai karatu, ko a ƙara kuɗi a sayi layi mai faɗi?

Daga wani magidanci, Kano.

Amsa

Abin da ke tsinka kira a irin wannan gida yawanci jira ne, ba ƙarancin faɗin layi ba. Duk abin da ya fita daga waya ana yayyanka shi ƙananan ƙunshi, kuma idan ƙunshin suka zo da sauri fiye da yadda layi zai iya kwashewa, sai modem ko rauta ta jera su a ma'ajiya su jira. Masu ƙera na'urori sun saba yin ma'ajiyar da girma don kada a zubar da komai, sai girman ya zama cuta. Jim Gettys ya raɗa wa matsalar suna bufferbloat a 2010, wato kumburin ma'ajiya.

Lissafi zai nuna yadda take aukuwa. A ce abin da layin yake bayarwa da dare megabit 4 ne a daƙiƙa wajen ɗorawa. Bidiyon atamfa mai megabait 60 daidai yake da megabit 480, domin bait ɗaya bit takwas ne, don haka zai kwashe minti biyu cur yana cika ƙofar fita. Idan ma'ajiyar tana ɗaukar kilobait 500, duk ƙunshin da ya shigo zai tarar da jiran daƙiƙa guda a gabansa. Kiran murya bai kai ko rabin megabit ba, amma ba ya jure jira: ƙa'idar G.114 ta hukumar sadarwa ta duniya ta nuna cewa hira tana tafiya daidai ne idan jinkirin zuwa bai wuce milisakan 150 ba. Kamar mai sayen ashana ne da ya tsaya bayan ɗan sari a shago. Har masu kallo ma abin yana shafarsu, saboda talabijin tana aika ƙananan saƙonnin "na karɓa" ta wannan ƙofar da ta cushe, kuma in suka makara sai saukewar ta yi sanyi.

Kafin a taɓa komai sai an auna. A haɗa kwamfuta da rauta ta waya, a buɗe tagar umarni a Windows, a rubuta:

```
ping -t 8.8.8.8
```

A bar shi yana gudu, a lura da adadin da ke gaban `time=` lokacin da gida yake shiru, sannan a sa uwargida ta ɗora bidiyo. Idan adadin ya tashi daga 40 zuwa 600 ko sama, ya kuma sauko da zarar bidiyon ya gama shiga, an kama ɓarawon. Sai a sake gwajin daga kwamfutar mai karatu a ɗakinsa, amma a nufi adireshin rautar kanta, wanda sau da yawa `192.168.1.1` ne ko `192.168.0.1`. Wannan bai kamata ya wuce 'yan milisakan kaɗan ba. In yana tsalle zuwa ɗaruruwa, laifin waifai ne da katangu, kuma babu saitin rabo da zai gyara shi; sai a matso da rauta, a koma tashar 5 GHz, ko a ja waya zuwa ɗakin. Daga nan a gwada gudun layin sau uku ko huɗu da misalin ƙarfe tara na dare, a riƙe adadi mafi ƙanƙanta. A ɗauka an sami 18 da 4.

Rabon daidai wa daida da wasiƙar ta ambata shi ne ya fi kama da adalci, kuma shi ne ya fi ɓarna. Idan aka raba megabit 18 ɗin ga na'urori goma sha huɗu, kowace za ta tashi da ɗaya da ɗan ɗoriya. YouTube yana neman kusan megabit 2.5 don hoto mai 720p, 5 don 1080p, don haka talabijin za ta riƙa tsayawa ko da ƙarfe uku na dare, lokacin da sauran na'urori goma sha uku suke barci da kasonsu a aljihu. Iyaka mai tsauri ba ta san cewa layi ya zama fanko ba.

Abin da ya fi dacewa shi ne a ƙwace jerin jiran daga hannun modem a mayar da shi cikin rautar gida, inda ake iya tsara shi. Ana yin haka ne ta gaya wa rauta gudun da ya ɗan gaza na gaskiya, tsakanin kashi 85 zuwa 95 cikin ɗari. Kashi 90 na 18 da 4 shi ne kilobit 16,200 da 3,600. An yi asarar kusan megabit biyu, amma ma'ajiyar modem ba za ta sake cika ba. Nan ne mafi yawan mutane suke tuntuɓe: sai su rubuta 20 da 5 da ke jikin takardar kamfani, jira ya ci gaba da taruwa a inda rauta ba ta da iko, su ce saitin ba ya aiki.

Tsarin da ya fi ƙwarewa a wannan aiki sunansa SQM, kuma ana samun sa a rautocin da ke ɗauke da manhajar OpenWrt idan aka girka `luci-app-sqm`. A cikinsa ana zaɓar `cake`, wanda ya shiga Linux tun sigar 4.19 a 2018. Maimakon dogon layi guda, yana buɗe wa kowace hira nata ɗan layin, yana zagayawa yana ɗiba kaɗan-kaɗan, kuma mai ƙaramin kaya irin kiran murya yana wucewa kusan ba jira. A fayil ɗin `/etc/config/sqm`, bayan an zaɓi ƙofar da ke fita zuwa modem an kuma kunna shi, saitin wannan gida zai kasance haka:

```
option download '16200'
option upload '3600'
option qdisc 'cake'
option script 'piece_of_cake.qos'
option qdisc_advanced '1'
option qdisc_really_really_advanced '1'
option iqdisc_opts 'nat dual-dsthost ingress'
option eqdisc_opts 'nat dual-srchost'
```

Layuka biyun ƙarshe su ne ke sa a raba wa na'urori tukuna, sannan a raba wa hirarrakin cikin kowace na'ura, don kada wayar da ta buɗe hanyoyi ashirin tana sabunta manhajoji ta danne kwamfutar da ta buɗe ɗaya. Idan na'urori huɗu ne ke aiki, kowace tana da haƙƙin kusan megabit 4. Darasin Zoom ya ci 2 ya ƙoshi, sai ragowar 14.2 ta koma wa sauran ukun, kowace ta sami kusan 4.7. Da zarar ɗaya ta gama, kasonta ya koma tukunya. Sai dai rabon na na'ura ne, ba na mutum ba: matashin da ke riƙe da waya biyu da kwamfuta kaso uku yake ci, kakarsa mai waya ɗaya kaso ɗaya. Wannan kuma hukuncin maigida ne, rauta ba ta san shi ba.

Rautar da kamfani yake bayarwa sau da yawa ba ta da wannan tsari. Ana iya sa wata rautar a bayanta a kashe waifan ta farko, domin duk na'urar da ta tsaya a kan tsohuwar ta kauce wa rabo. Idan ba za a sayi wata ba, sai a yi da abin da ke akwai, wato shafin da ake kira `Bandwidth Control` ko `QoS`. A nan iyaka tana da amfani, amma a kan na'urori biyu ko uku da aka san su da haɗama. A tsayar da ɗorawar wayar uwargida a megabit 2: bidiyon zai ɗauki minti huɗu maimakon biyu, kuma za a bar wa darasi da kira sauran fili. A tsayar da saukewar talabijin a 6, wanda ya ishi 1080p ya hana ta hawa 4K. Waifan baƙi, idan maƙwabta suna da kalmar sirrinsa, a ba shi jimillar 3 a wuce wurin.

Fifiko kuwa ana ba da shi ne da ƙwauro. Kwamfutar mai karatu da wayar maigida sun isa. Idan aka ɗaga na'urori bakwai, an koma gidan jiya. Fifikon yana bin na'urar ne ba abin da ake yi da ita ba, saboda haka idan an tashi daga darasi aka shiga sauke fim, fim ɗin ne zai ci gatan. Wasu rautocin suna barin a ba da fifiko na awa ɗaya ko biyu, kuma wannan ya fi dacewa da darasin dare. Ikon rauta ya fi ƙarfi a kan abin da ke fita. Abin da ke shigowa ya riga ya ratso layi kafin ya iso, sai dai ta zubar da wani ɓangare don mai aikowa ya sassauta.

Dokar iyaka ko ta fifiko tana iya daina aiki bayan kwana biyu ba tare da kowa ya taɓa ta ba. Dalili na farko shi ne rauta ta sauya wa na'urar adireshi, kuma maganinsa a kafe mata guda a shafin `Address Reservation`. Na biyu shi ne wayoyin zamani, daga Android 10 da iOS 14, suna ɓoye lambarsu ta MAC su nuna wata ta aro, wadda kan iya canjawa idan aka goge waifan aka sake haɗawa. Alamar ita ce baƙuwar na'ura ta bayyana a jerin rauta, tsohuwar kuma ta ɓace. A waifan gida sai a kashe `Private Wi-Fi Address` a iPhone, a Android kuma a zaɓi lambar MAC ta wayar kanta. A OpenWrt akwai tarko na uku, wato `Hardware flow offloading`, wanda ke sa kaya su wuce ba tare da sun bi ta SQM ba, don haka a bar shi a kashe.

Layin 4G ya fi na faiba wuyar sha'ani, domin gudunsa yana hawa da sauka da yawan mutanen da ke kan ƙarfen sabis na unguwa. Adadin da aka rubuta wa rauta sai ya bi mafi munin lokacin dare, ko da za a yi asarar gudu da rana. Rabon gudu kuma ba ya rage cin data sosai: kallo a megabit 2.5 yana cinye kusan gigabait 1.1 a awa guda, don haka gidan da datarsa ke ƙarewa kafin wata sai ya rage ingancin hoto a cikin manhajar kallon.

Batun ƙarin kuɗi yana zuwa ne bayan an sake gwajin `ping` ana tsakiyar ɗora bidiyo. Idan adadin ya tsaya kusa da inda yake lokacin shiru, bai ƙaru da fiye da milisakan 20 ko 30 ba, layin ya wadatar. Idan jinkirin ya kwanta amma hoton talabijin yana dusashewa duk dare saboda allo huɗu ko biyar suna kallo tare, gidan ya fi ƙarfin megabit 16, kuma wajen zaɓar sabon layi adadin ɗorawa za a fara tambaya.