"Ki zo Asabar da safe" ba alƙawari ba ne

Shekarata goma sha ɗaya ina dillancin gidajen haya a Kano, tsakanin Hotoro, Tarauni da Unguwa Uku. Na ga rigimar la'ada, na ga ta kuɗin kwashe masai, amma abin da ya ɓata min rai a ƙarshen watan jiya saƙon waya ne mai kalma biyar.

Wata malamar makaranta ce aka yi wa canjin wurin aiki daga Zariya zuwa Kano. Mijinta ya rasu, tana da yara uku, kuma an ba ta mako biyu ta kama aiki. Wata abokiyar aikinta ta haɗa ta da ni. Akwai gida a hannuna a Hotoro, ciki biyu da falo, da rijiya a tsakar gida, naira dubu ɗari bakwai a shekara. Na tura mata hotuna ta ce ya yi mata. Mai gidan dattijo ne ɗan kasuwa, irin waɗanda ba sa ba da haya sai sun ga idon mutum. Ya ce in ba shi lambarta, shi zai yi magana da ita da kansa. Na ba shi, kuma wannan kuskurena ne, ba na musu, domin ban ce ya nuna min abin da ya rubuta ba.

Abin da ya tura mata ke nan: "Ki zo Asabar da safe." Ita kuma ta amsa: "To Baba, in Allah ya yarda." Shi ke nan, kowa ya ɗauka an yi magana.

Asabar ɗin ita ce ta ƙarshen wata. Duk wanda ke zaune a Kano ya san ranar tsaftar muhalli ce, ba a zirga-zirga daga bakwai zuwa goma na safe. Ita ba 'yar gari ba ce, shi kuma bai tuna ba. Ta yi sallar asuba, ta bar yaran wurin maƙwabciya, ta hau mota. Aka tsayar da su a bakin shigowa gari har goma. Kafin cunkoson ya warware ta sauka a Unguwa Uku ta samu adaidaita, sha ɗaya ta wuce. Kwatance kuwa babu a saƙon, sai da ta yi ta tambaya da hoton ƙofar gidan a wayarta. Alhaji ya jira har goma da rabi, a ganinsa safiya ta ƙare, ya kama hanyar Wudil wurin ɗaurin aure. Makullin yana cikin motarsa, wayar tana aljihun babbar riga, ba ya ji.

Ta zauna a kan dakalin maƙwabta tun isowarta har aka kira azahar. A nan wani yaro ya same ta, irin waɗanda suka sayi waya jiya yau suka zama ejen. Ya ce ai wannan gidan an riga an kama, amma yana da wasu uku da suka fi shi, ta kawo dubu biyar kuɗin gani. Ta ba shi. Ya zagaya da ita gida biyu, ɗaya ba a ko yi masa silin ba, ɗaya kuma da mutane a ciki waɗanda ba su san ma ana neman ba da shi ba. Na ukun ya ce ta jira shi a bakin wani kanti ya karɓo makulli. Har yau yana karɓowa.

Sai bayan la'asar ta kira ni, muryarta tana rawa. Na ce, "Malama, don Allah me ya hana ki kira ni tun safe?" Ta ce, "Malam, ai na ɗauka Baba yana hanya, kada ya ga kamar na kai ƙararsa." Kunya ce ta zaunar da ita a rana. Ina Dawanau a lokacin, kafin in iso ta kama hanyar tasha don kada dare ya yi mata da yara a gidan mutane. Ran Lahadi da yamma wani ya zo tare da ƙanin Alhaji, ya ga gida, ya biya. Da na yi wa Alhaji magana sai ya ce, "To ai ita ce ba ta zo ba." Shi ma a wurinsa gaskiya ya faɗa.

Na zauna na lissafa: kuɗin mota zuwa da dawowa, na adaidaita, dubu biyar ɗin ɗan damfara, wuni guda, ga gida ya kuɓuce. Duk saboda ba wanda ya rubuta ƙarfe nawa, kuma ba wanda ya ce in an saɓa sai yaushe.

Ga yadda ya kamata saƙon ya kasance, kuma shi nake tura wa masu gidajen da nake hulɗa da su su cike sunan rana da wuri:

"Salamu alaikum Malama. Ganin gidan Hotoro: Asabar mai zuwa, sha biyu na rana, saboda akwai tsaftar muhalli har goma. Mu haɗu a ƙofar masallacin da ke bakin layin, daga nan gida na huɗu a hannun dama, baƙin get. Zan jira ki har sha biyu da rabi. In ɗayanmu bai samu zuwa ba, sai Lahadi ƙarfe huɗu da rabi na yamma a wuri ɗaya, ba sai an sake magana ba. In ba na nan, makulli yana hannun ɗana, ga lambarsa. Ba zan ba kowa gidan ba sai bayan Lahadin. Kada ki ba kowa kuɗi kafin ki gani. Ki amsa in ya yi miki."

Amsarta kuma kada ta tsaya a "to". Ta maimaita: "Na gani Baba, Asabar sha biyu, in bai yiwu ba Lahadi huɗu da rabi. Daga Zariya zan taso, zan kira in na wuce Kura." Wanda ya maimaita lokaci da hannunsa shi ne ya karanta. Na sha ganin wanda ya amsa "to" alhali a kan babur yake, bai ma buɗe saƙon har ƙasa ba.

Inda mutane suka fi yin shirme shi ne wurin zaɓen lokaci na biyun. Sai ka ga an rubuta "sha biyu, in bai yiwu ba ƙarfe ɗaya". Wannan lokaci ɗaya ne aka ja shi. Abin da ya hana mutum zuwa sha biyu, ko lalacewar mota ne a Kwanar Dangora, ko jana'iza, ko ruwan Agusta da ya cika layi, shi zai hana shi zuwa ƙarfe ɗaya. Lokaci na biyu sai ya yi nisan da dalilin farko ba zai cim masa ba. In mai neman gida ɗan gari ne, safe da yamma na rana ɗaya sun isa. In daga wani gari zai zo, a tambaye shi tun farko ko yana da wurin kwana. Mai wurin kwana a sa masa washegari. Wanda ba shi da shi, ko dai a ba shi yammacin ranar da wuri yadda zai koma da haske, ko a tsallaka zuwa ranar da ba ya aiki. Da an tambayi malamar nan, da ta faɗi cewa ƙanwar mahaifiyarta tana Sheka. Ban san haka ba sai daga baya.

Sannan a faɗi iyakar jira. Rabin awa ya isa. In ba a faɗa ba, mai gida zai tashi bayan minti goma ya ce ba a zo ba, mai neman gida kuma ya zauna awa huɗu yana cewa ana hanya. Da zarar rabin awar ta cika, kowa ya san an koma lokaci na biyu ko da waya ba ta shiga, kuma amfaninsa ke nan, domin ranar da aka saɓa ita ce ranar da caji yake ƙarewa.

Ni ma na san da lokutan salla muke lissafi, ba na ƙin haka. Amma "bayan la'asar" a wurin wani huɗu da kwata ce, a wurin wani kuma sai rana ta yi ja. A rubuta duka biyun: bayan la'asar, huɗu da rabi. Ranar Juma'a kada a sa komai tsakanin sha biyu da uku. Kuma kada lokaci na biyu ya faɗa bayan magariba. Mai gidan da ya ce ka zo bayan isha ka gani da fitilar waya, ka tambayi kanka me yake ɓoyewa. Da rana ake ganin taswirar yoyo a silin, da gishirin da ya ci gindin bango, da inda ruwan layi yake bi in an yi sama. Mace kuma ta rubuta a amsarta cewa da ɗan'uwanta za ta zo, kuma ta zo da shi ɗin.

Makulli! Rabin ganin gidan da ya rushe a hannuna makulli ne ya rusa shi. Yana wurin maigadi, maigadi ya tafi cin abinci. Yana wurin mai fenti. Yana wurin tsohon ɗan haya da bai gama kwashe kaya ba. In akwai mutane a ciki, su ma a sanar da su lokutan biyu, kada a kwaso baƙo a tsaya a ƙofar matan aure ana sallama maigidan ba ya nan. Saƙon da bai faɗi hannun wa makulli yake ba, bai gama ba.

Ku kuma masu gidaje, in kun ba mutum lokaci na biyu, kun yi masa alƙawarin gidan zai kai lokacin. Ba za ka ce Lahadi ba sannan ka karɓi kuɗin wani ran Asabar da dare. In ba za ka iya riƙewa ba, rubuta ƙarara cewa wanda ya riga biya shi ne da gida, mutum ya san ko zai kashe kuɗin mota. Saƙon murya na minti uku ma ku rage. Ku yi gaisuwarku a murya, amma rana da ƙarfe da kwatance a rubuta, don mai adaidaita ba zai tsaya a saurari gaisuwar iyali kafin a kai ga sunan layi ba.

Kuɗin gani kuwa, na faɗa na sake faɗa: wanda ya tare ka a bakin layi, ba shi ka yi alƙawari da shi ba, kada ka ba shi ko sisi. Sunan wanda zai buɗe ƙofa yana cikin saƙonka. In wani ya ce an kama gidan, kira lambar da ke rubuce.

Malamar ta kama aiki a kan lokaci, amma daga gidan innarta a Sheka take zuwa, yaran suna Zariya har yanzu. Na samo mata wani gida a Tarauni, ya fi wancan tsada da dubu ɗari, kuma na ce ba zan karɓi la'ada ba. Za ta gani ran Laraba huɗu da rabi, in bai yiwu ba Asabar goma na safe. Makullin yana aljihuna.