Takardar Ƙa'idojin Zuba Jari a Shafi Guda

Takardar ƙa'idojin zuba jari, wato rubutaccen alƙawarin da mai jari yake ɗaukar wa kansa tun hankalinsa na kwance, amfaninta yana fitowa ranar da farashi ya faɗi, domin a wannan ranar tsoro yakan sa mutum ya sayar da jarinsa a kan asara.

Ma'aikacin da albashinsa ya kai naira 300,000 zai fara da manufa mai adadi da wa'adi, kamar tara kuɗin karatun ɗansa cikin shekara 10, sannan ya rubuta cewa zai zuba 30,000 a ranar da albashi ya shigo, bayan ya ajiye kuɗin cefanen wata shida a gefe, don kada rashin lafiya ya tilasta masa taɓa jarin.

Iyaka ita ce rabon da aka tsayar a takardar: kashi 60 cikin ɗari a sukuk na gwamnatin tarayya, wanda ribarsa kuɗin haya ce, kashi 40 a hannayen jari, kuma kada kamfani ɗaya ya wuce kashi 10 na jarin duka.

Lokacin ɗaukar mataki shi ma a rubuce yake: ana duba rabon sau ɗaya a shekara, kuma idan hannayen jari suka haura kashi 45, sai a sayar da rarar a sayi sukuk, idan kuwa suka sauka ƙasa da 35, sai a karkata zubin wata zuwa gare su. Ba a sauya takardar saboda jita-jitar kasuwa, sai dai idan aure, haihuwa ko rasa aiki ya sauya halin mai ita.