Yadda Tsarin Takardar Neman Aiki Kan Kayar da Mai Ita

Gabatarwa

Wannan maƙala za ta duba yadda manhajar tace masu neman aiki, irin su Workday da Taleo, ke karanta takardar bayanin kai, wato sibi, da dalilin da kan sa takarda mai kyau ta salwanta.

Yadda Manhajar Ke Aiki

Da farko manhajar kan zare rubutun daga cikin fayil, ta yar da ado. Daga nan sai ta rarraba shi gida-gida: suna, ilmi, ayyukan da aka yi, ƙwarewa. A ƙarshe jami'in ɗaukar ma'aikata kan nemi wata kalma, ko ya tace da wani sharaɗi, kamar digiri. Galibi ba manhajar ce ke yanke hukunci da kanta ba. Abin da kan faru shi ne, wanda gidansa ya zo fanko ba ya fitowa a binciken, don haka idon mutum ba ya kaiwa kansa.

Misali

A ɗauka wata ɗaliba daga Basawa ta kammala digirin Hausa a Jami'ar Ahmadu Bello. An buga mata takarda a wani shagon kwamfuta a Samaru, aka raba shafin gida biyu, ƙwarewa a hagu, ilmi a dama. Mutum zai karanta kowane ɓangare daga sama zuwa ƙasa, amma wasu manhajojin kan bi layi ne su ratsa shafin, sai rubutun ya fito haka:

```
SKILLS EDUCATION
Translation B.A. Hausa
Editing ABU Zaria 2023
```

A nan kanun biyu sun haɗe, manhajar ba ta ga inda ilmi ya fara ba, ga shi digirin ya manne wa fassara. Idan jami'i ya tace da digiri, mai yiwuwa ne sunanta ba zai bayyana ba.

Haka kuma in aka ɗauki hoton takardar aka mayar da shi PDF, babu harafi ko ɗaya a ciki sai hoto, sai fa in manhajar tana iya gane rubutu daga hoto. Baƙaƙenmu masu lanƙwasa ma suna da tasu matsalar: tsofaffin nau'o'in rubutun Hausa kan ɗora siffar ƙ ko ɗ bisa wata alama dabam, sai a zare suna kamar Ƙasimu ya fito a gurɓace. Maganin wannan shi ne haruffan Unicode, inda ƙ ke da lamba U+0199.

Kammalawa

Gwajin mai sauƙi ne. A buɗe fayil ɗin, a danna Ctrl+A, sannan Ctrl+C, a manna a Notepad. Idan ba abin da ya fito, hoto ne. Idan layuka sun sarƙe, a mayar da shafin gida guda, da kanun da aka saba. Sai dai gwajin kwatanci ne kawai, domin kowace manhaja da irin nata karatun.