Digiri a Hannu, Jari Babu: Yadda Ake Zaƙulo Sana'a Daga Abin Da Aka Riga Aka Iya

Wannan ɗan darasi an shirya shi ne domin 'yan uwa ɗalibai masu shirin kammalawa, da kuma yayyenmu da suka gama bautar ƙasa suna zaune a gida. Ba ya buƙatar komai sai biro da fallen takarda guda.

A raba takardar gida huɗu. A gida na farko a rubuta abin da aka iya, amma da aikatau, ba da suna ba. Wanda ya rubuta "Hausa" bai ce komai ba, domin ba wanda ke sayen sunan kwas. Wanda kuwa ya rubuta "ina iya sauraron hira in mayar da ita rubutu" ya ambaci aikin da wani zai iya biya. Hanya mafi sauƙi ta cika wannan gida ita ce mutum ya tuna abubuwan da aka sha roƙonsa ya yi kyauta. Abin da aka roƙe ka sau uku, akwai mai buƙatarsa. Gida na biyu na mai biya ne, kuma a nan ba a yarda da "jama'a" ko "kamfanoni" ba. Sai mutumin da ka san inda za ka same shi a wannan makon. Na uku kayan aikin da ke hannu, na huɗu kuwa kuɗin da za a kashe kafin sisi ya shigo.

Alal misali, mu ɗauki wata Bayarabiya da ta karanta Hausa, tana zaune a Ibadan, ba ta da komai sai waya. Ta rubuta abu huɗu: tafinta, fassarar takardu, koyar da Hausa, da rubuta hirar da aka naɗa.

Tafinta ce za ta fara zuwa mata a rai, ganin yadda ake sauke wake da albasa daga Arewa a kasuwar Bodija. To amma gida na biyu zai kayar da ita. Fataken nan suna da dillalansu tun da daɗewa, kuma da yawa daga cikin mutanen Sabo sun fi ta jin Yarabancin kasuwa. Wa zai biya ta? Sai ta ja layi a kai. Fassarar takardu kuma a ajiye ta gefe tukuna, don masu ba da irin wannan aiki sukan nemi ganin aikin baya, ita kuwa ba ta da shi.

Koyarwa ta tsallake. 'Yan bautar ƙasa da aka tura Arewa suna son gaisuwa, ƙirga da ciniki kafin su tafi, kuma ta san su, ƙannenta ne a makaranta. Aibinta ɗaya: kasuwa ce mai lokaci, tana ci ne kawai idan takardun kira sun fito.

Rubuta hira ita ce ta fi dacewa a tsaya a kanta. Ɗaliban ajin ƙarshe da masu digiri na biyu suna dawowa daga bincike da muryoyi cike da waya, ga lokaci ya ƙure musu. Kayan aiki waya ce da abin sa wa kunne, gida na huɗu kuwa kuɗin caji da na data kaɗai. Sai dai a nan ne ake faɗawa rami. Hirar awa ɗaya takan ci awa huɗu zuwa shida kafin a rubuta ta, ta ma fi haka idan an naɗe ta cikin hayaniya ko tsoho ne ke magana da karin Sakkwatanci. A ce ta amsa aikin a kan naira 5,000 tana murna, ya ci mata awa biyar. Awarta ta tashi a naira 1,000 ke nan, ba a cire caji ba. Saboda haka ta saurari minti biyar tukuna kafin ta yanka farashi, ta yi ciniki a kan kowane minti na hirar, ta kuma karɓi rabi a matsayin kafin alƙalami. Ɗalibi dai mun san halinsa, idan ya miƙa kundi sai a neme shi a rasa.

A ganina wannan aiki ya fi karɓar mu da muka koyi Hausa a aji. Mun sha wuya a kan ƙa'idojin rubutu, mun san bambancin kafa da ƙafa, da cewa a haɗe ake rubuta "yana", ba "ya na" ba, abin da ɗan asalin harshe kan yi wa riƙon sakainar kashi. Rauninmu shi ne kunne. Don haka duk inda kalma ta shige mata duhu, ta rubuta mintin a gefe ta tambayi mai aikin, kada ta cike gurbin da zato.

Layin da ya rage a takarda a gwada shi kwana bakwai: a tunkari mutum biyar da farashi a baki. In duk sun yaba amma ba wanda ya tambayi ragi, ba masu saye ba ne, a koma layi na gaba.