Mayar da gyaran rubutu ga marubuci

Editan da ke aiki da Microsoft Word ya kamata ya kunna Track Changes, wato tsarin da ke nuna kowace kalmar da aka goge ko aka ƙara, tun kafin ya taɓa harafi ɗaya, domin gyaran da aka yi tsarin yana kashe ba ya barin alama. Idan marubuci ya rubuta "kasa" inda yake nufin "ƙasa", gyaran kai tsaye ya wadatar, amma idan jimla tana ɗaukar ma'ana biyu, gara editan ya bar ta yadda take, ya rubuta tambayarsa a gefe da New Comment. Sake buga sakin layi gaba ɗaya kuskure ne, domin yakan ɓoye ainihin abin da ya canza, ya kuma hana marubucin danna Accept ko Reject a kan kowane gyara daban.