Sanƙo Tun Ana Saurayi: A Nemi Magani Ko A Aske?

Likita, shekarata 24, ina ajin ƙarshe a jami'a. Wajen shekara biyu ke nan gefen goshina yana ja da baya, yanzu tsakiyar kai ma ta fara haske. Abokai sai tsokana, wai Alhaji mai sanƙon kuɗi. Ina taya su dariya, amma abin yana ci mini rai. Ko a ɗaki ba na cire hula, na daina zuwa ƙwallo, yarinyar da nake nema ma ba ta taɓa ganin kaina ba. Na shafa man habbatussauda da ruwan albasa, babu canji. Wani ya ce in sha finasteraid, wani ya ce zai kashe mini gaba. In sha, ko in aske in huta?

Ƙanena, kafin batun sha ko aski, sai mun tabbatar da abin da ke damun kan. Sanƙon gado yana da tafarkin da yake bi. Yakan fara cin gefe biyu na goshi, sannan maɗiga ta yi haske, a hankali cikin shekaru, babu ƙaiƙayi babu ciwo, gashin ƙeya da na saman kunne kuma suna nan da ƙarfinsu. Bayaninka ya yi daidai da wannan. Da a ce gashin ya zube ne a wuri ɗaya, zagaye kamar kwabo, fatar sumul, wannan wata cuta ce dabam ta garkuwar jiki. Da akwai ɓarewar fata da ƙaiƙayi, gashi yana kakkaryewa, sai mu yi zargin makero, wanda maganinsa na sha ne. Haka kuma wanda ya yi zazzaɓi mai tsanani, kamar taifot, yakan ga gashi yana zuba ta ko'ina bayan wata biyu ko uku, kuma wannan yakan dawo da kansa. Shi ya sa nake so likitan fata ya duba kan da idonsa ko sau ɗaya ne, kafin ka sayi komai.

Hula ba ta da laifi a nan, kada wani ya ɗora mata. Abin da ke faruwa a cikin fata ne. Jikin namiji yana juya wani kaso na sinadarin mazantaka, testosteron, zuwa wani mai ƙarfi da likitoci ke kira DHT. A jikin wanda ya gaji sanƙo, ko ta wajen uwa ko ta wajen uba, saiwoyin gashin gaba da na maɗiga ba sa jure wannan sinadari. Duk gashin da ya faɗi, wanda zai maye gurbinsa yakan fito ya fi shi siranta da gajarta, kamar gonar da ƙarfinta ke ƙarewa, gero na bana bai kai na bara ba, har a kai shekarar da ba ta ba da komai. Tun 1942 wani masani Ba'amurke, James Hamilton, ya lura cewa mazan da aka dandaƙe kafin balaga ba sa yin sanƙo, sai in an ba su testosteron. Wannan ba ya nufin mai sanƙo ya fi wasu yawan sinadarin; saiwoyinsa ne suka fi jin zafinsa.

Daga nan ne shawarar gaba ɗaya ta fito. Magani ya fi iya riƙe gashin da ya rage, ya kuma ƙarfafa wanda ya sirance. Wurin da ya daɗe da zama santsi yana ƙyalli, ba kasafai yake farfaɗowa ba. Kai da maɗigarka ta fara haske kawai, kana cikin waɗanda magani zai fi yi wa amfani. Amma wata shida da aka ɓata ana shafa albasa, gashi ne ya tafi. Man habbatussauda yana tausasa fata, ba ya taɓa DHT.

Magunguna biyu ne suke da hujja mai ƙarfi. Na farko minoksidil, na shafawa. Asalinsa ƙwayar hawan jini ce, aka ga masu shan ta suna tsiro da gashi, aka mayar da shi ruwan shafawa, Amurka ta amince da shi a 1988. Maza suna amfani da mai ƙarfin kashi 5 cikin 100, mililita ɗaya sau biyu a rana, saboda haka kwalba mai mililita 60 ta wata guda ce. A kan fatar kai ake ɗiga shi, busasshiya, a murza da yatsa, a wanke hannu. Yana son kamar awa huɗu kafin ruwa ya taɓa shi, don haka na fi ba mutane shawarar bayan sallar asuba da bayan isha, yadda shafar kai a alwala ba za ta wanke shi ba. A bar shi ya bushe kafin a kifa hula ko a kwanta a matashi. Abin da ke sa mutane da yawa su jefar da kwalbar shi ne, a makonnin farko zubar gashin takan ƙaru. Tsofaffin gashi ne ke ba sababbi wuri, kuma yakan lafa cikin wata biyu. Ƙaiƙayi da bushewar fata su ne matsalar da aka fi gani. In ka ji bugun zuciya, jiri ko kumburin ƙafa, ka dakata ka ga likita.

Na biyu shi ne wanda kake tsoro. Finasteraid ƙwaya ce ta miligiram ɗaya a rana, an amince da ita don sanƙo a 1997, tana rage DHT na jini da wajen kashi biyu bisa uku. Ta fi minoksidil ƙarfi: a manyan gwaje-gwajen da aka yi, kusan mutum 8 cikin 10 zubar gashinsu ta tsaya cikin shekara biyu. Maganar abokinka kuwa tana da tushe, ya dai zuzuta ta. A waɗancan gwaje-gwaje kusan mutum 4 cikin 100 sun koka da raguwar sha'awa ko raunin gaba ko matsalar fitar maniyyi, alhali cikin waɗanda aka ba ƙwayar da babu magani a cikinta ma an samu kusan 2 cikin 100 masu irin wannan kuka. Yawancinsu sun warware da suka daina sha, sai dai akwai 'yan kaɗan da suka ce matsalar ta zarce bayan sun daina. Tana iya rage ƙwayoyin haihuwa a jikin wasu, don haka in aure ya zo ana neman haihuwa, a gaya wa likita. Mace mai ciki kuma kada ta taɓa ƙwayar da ta fashe ko aka gutsure, domin tana iya cutar da halittar ɗan tayi namiji. Akwai mai miligiram 5, wannan ta dattawa ce masu kumburin furostet. Kada mai kemis ya miƙo maka ita ya ce duk ɗaya ne.

Abin da ya fi tsaya mini a wasiƙarka shi ne ƙwallon da ka daina da hular da ba ta sauka. Mutane suna raina wannan damuwa, su ce ai namiji ne, gashi me zai yi masa. Amma saurayin da ya duba madubi ya ga kan mahaifinsa alhali bai ko gama makaranta ba, yakan ji kamar an ƙwace masa ƙuruciya, kuma tsokanar abokai takan fi ciwo saboda dole ka yi dariya. Ka tambayi kanka: barci ya lalace? Abinci ya fita ranka? Kana ɓata lokaci mai tsawo kullum gaban madubi, ko kana guje wa taro saboda kai? In amsar e ce kuma ta wuce mako biyu, damuwar ta zama abin dubawa ita kanta, ko gashi ya dawo ko bai dawo ba. Wannan ya shafi zaɓin magani kai tsaye, domin an samu rahotannin baƙin ciki mai tsanani da tunanin kashe kai a wasu masu shan finasteraid, har a 2024 hukumar magunguna ta Birtaniya ta sa a riƙa saka katin gargaɗi a cikin kwalin. Wanda ransa ke a dagule bai kamata ya fara ta ba sai likita ya san halin da yake ciki, kuma duk wanda ya fara ya ji yanayinsa ya sauya, ya ajiye ta nan take.

Da ni ne kai, ga yadda zan yi. Yau ɗin nan in ɗauki hoton kai ta gaba da ta sama da gefe biyu, cikin hasken rana, bayan saisaye. In tambayi kuɗin kwalba ɗaya mai lambar NAFDAC, in ninka sau 12, in ga ko aljihun ɗalibi zai ɗauka, domin maganin ba na warkewa ba ne. Ranar da aka daina, abin da aka riƙe yakan zube cikin watanni, a koma inda za a kasance da ba a fara shi ba. In zan iya, in fara minoksidil, in je wurin likita mu tattauna finasteraid da batun damuwar tare. Duk wata uku in sake hoto a wuri ɗaya, da tsawon gashi iri ɗaya. Madubi ba abin dogaro ba ne, yakan nuna wa mutum abin da yake tsoro. Kafin wata huɗu zuwa shida ba a ganin komai, hukunci sai an cika shekara. In hoton shekara ya yi daidai da na yau, maganin ya ci, domin tsayar da zubar shi ne babban aikinsa. Dashen gashi da ake zuwa Istanbul a yi, ka ajiye shi tukuna: a shekara 24 ba a san inda sanƙon zai tsaya ba, kuma wanda fatarsa ke yin tabo mai tudu yana cikin haɗari.

In kuwa lissafin bai fita ba, ko ba ka son ɗaure kanka da magani shekara da shekaru, aski zaɓi ne na mai hankali. Mu nan ma abin ya zo mana da sauƙi, domin tal-kwabo a ƙarƙashin hula ba baƙon abu ba ne tun zamanin kakanni, babu wanda zai waiwaya. Ka gwada lokacin hutu, ka fara da saisaye ƙasa sosai, ka ba idonka mako biyu ya saba. Gashi zai fito in ba ka so. Aski ba ya ƙara sanƙo kuma ba ya hana magani, hasali ma minoksidil ya fi isa fata a gajeren gashi. Yarinyar kuma gara ta ga kan tun yanzu, kai ka zaɓi ranar.

Sai dai gashinmu mai murɗewa ne, in an aske shi har cikin fata yakan lanƙwasa ya koma ciki ya haifar da ƙuraje, musamman a ƙeya, inda sukan taurare su zama tabo mai tudu wanda gashi ba ya sake fita a kansa. In ka taɓa yin ƙurajen aski, ka bar aska da reza, ka yi amfani da kilifa da ke barin ɗan tsini, kuma kada mai aski ya riƙa kankare maka layin ƙeya. Ka mallaki kilifarka, domin ƙarfen da ya yanki wani yana iya ɗauko ciwon hanta ko makero. Ƙuraje a ƙeya da suka wuce wata guda ba su baje ba, a kai su asibiti tun suna ƙanana.