Darasin wannan fitowa: yadda ake duba jadawalin duti kafin a manna shi

Wannan darasi na masu aikin karɓa-karɓa ne a Miskine da Kilomita Biyar: tafintoci, masu gadin ƙofa, masu kula da famfo, da masu zama a teburin sauraron koke. Ya fi shafar wanda aka ɗora wa tsara jadawalin mako, amma duk wanda sunansa yake cikin jadawali zai iya duba nasa layin da kansa. Abu biyu za mu nema. Na farko karo, wato a sa mutum ɗaya a wuri biyu a lokaci guda. Na biyu ƙarancin hutu, wato a tashi daga wani duti a kama na gaba kafin jiki ya huta.

Awa nawa ne hutun?

Kafin a duba, sai an san ma'aunin da za a auna da shi. Tun 1921 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yi yarjejeniya cewa ma'aikacin masana'anta ya samu hutun awa 24 a jere cikin kowane kwana bakwai. Game da hutun da ke tsakanin duti da duti, adadin da ya fi shahara shi ne awa 11 a jere cikin kowace awa 24. Haka yake a dokar lokutan aiki ta Tarayyar Turai ta 2003, haka kuma a dokar ƙwadago ta Faransa. Da shi za mu yi lissafi a nan. Idan takardar yarjejeniyar aikinka ta faɗi wani adadi daban, sa shi a madadin 11, hanyar lissafin ba ta canzawa.

Me ya sa awa 8 ba ta isa ba? A ce mace ta tashi aiki ƙarfe 22:00. Miƙa aiki ga mai karɓarta ya ci minti goma sha biyar, tafiya gida ta ci rabin awa. Kafin ta ci abinci, ta yi wanka, ta duba yara, ƙarfe 23:30 ta yi. Idan za ta koma ƙarfe 06:00, dole ta farka wajen 04:30 saboda sallar asuba da ɗiban ruwa da hanya. A takarda an ba ta awa 8, a kan tabarma barcin awa 5 ta samu. Tafintan da bai yi barci ba shi ne zai ji "goma sha uku" a Sango ko Fulatanci ya faɗa wa jami'i "talatin", shekarun yaro su shiga fayil a karkace, gyaransu kuma ya ɗauki watanni.

Me ya sa ido ba ya gani?

Yawanci ana zana jadawali ne bisa wuri: kwanakin mako a sama, safe da yamma da dare a gefe, sunaye a cikin gidaje. Wannan zane yana nuna ko kowane wuri ya samu mai tsaronsa. Ba ya nuna abin da mutum ɗaya zai sha a makon. Saboda haka sai an juya jadawalin: a bar bin wuri, a bi mutum.

Ɗauki farar takarda ɗaya don kowane ma'aikaci. Tattaro duk takardun da sunansa zai iya fitowa a ciki, har da jadawalin makon jiya, da jerin masu raka marasa lafiya asibiti, da ranakun horo ko taro. Rubuta kowane duti a layinsa, da ranar farawa da awarta, da ranar tashi da awarta, a jere daga na farko zuwa na ƙarshe. Yi amfani da ƙirgen awa 24 irin wanda aka saba rubutawa a takardun ofis a Bangui. Idan ka rubuta "ƙarfe shida" kawai, wani zai ɗauka na safe, wani na yamma.

Daga nan lissafi ɗaya ne: awa nawa ne tsakanin tashi daga duti da fara na bayansa? Idan duk a rana ɗaya ne, cire awar tashi daga awar farawa. Idan tsakar dare ta ratsa tsakaninsu, cire awar tashi daga 24, ka ƙara awar farawa. Wanda ya tashi 22:00 ya koma 06:00, lissafinsa 24 a cire 22 saura 2, a ƙara 6, ya zama 8. Amsar da ta gaza sifili karo ce. Amsar da ta gaza 11 ƙarancin hutu ce.

Misali daga farko zuwa ƙarshe

Mu ƙaddara wata cibiyar karɓar mutane mai duti uku: safe daga 06:00 zuwa 14:00, yamma daga 14:00 zuwa 22:00, dare daga 22:00 zuwa 06:00. Ba za mu ambaci suna ba, lamba za mu bai wa ma'aikatan. Ga layin Lamba 3, tafinta mai jin Fulatanci da Faransanci, bayan an tattaro takardu uku:

Lahadi 22:00 zuwa Litinin 06:00, dare (jadawalin makon jiya)
Litinin 14:00 zuwa 22:00, yamma
Talata 06:00 zuwa 14:00, safe
Laraba 06:00 zuwa 14:00, safe
Laraba 13:00 zuwa 16:00, rakiya asibiti (takardar masu jinya)
Alhamis 22:00 zuwa Juma'a 06:00, dare
Juma'a 06:00 zuwa 14:00, safe

Tsakanin layi na ɗaya da na biyu, ta tashi Litinin 06:00 ta koma 14:00, awa 8 ke nan. Wanda ya duba takardar wannan mako kaɗai ba zai ga haka ba, domin dutin daren Lahadi yana kan takardar da aka riga aka cire daga allo. Tsakanin na biyu da na uku ma awa 8 ne, irin lissafin da muka yi ɗazu. Daga Talata 14:00 zuwa Laraba 06:00 kuwa, 24 a cire 14 saura 10, a ƙara 6, awa 16. Wannan lafiya lau.

Ranar Laraba ga karo. Rakiyar ta fara 13:00 alhali dutin safe bai ƙare ba sai 14:00, amsa ta gaza sifili da awa ɗaya. Mutum biyu ne suka rubuta takardun biyu, kowa a tasa takardar bai ga matsala ba. Ranar da abin zai faru, ko a bar teburin koke babu mai Fulatanci, ko mara lafiya ta je gaban likita babu mai faɗa masa inda ke mata ciwo.

Na ƙarshe ya fi kowanne wuyar ganewa. A kan allo, an rubuta ta a gidan Alhamis sau ɗaya, a gidan Juma'a sau ɗaya, kamar ranaku biyu daban. Amma daren Alhamis a safiyar Juma'a yake ƙarewa. Tsakanin tashi da farawa sifili ne, wato awa 16 tana aiki ba tsayawa. Don haka ne muka ce a rubuta ranar tashi, kada a tsaya a ranar farawa.

Yadda ake gyarawa

Fara da layin da ya taɓa matsala biyu. Idan aka cire mata yammacin Litinin, daga Litinin 06:00 zuwa Talata 06:00 ta samu awa 24, gajerun hutu biyu sun tafi tare. Amma wani ne zai ɗauki yammacin, kuma shi ma sai an auna shi gaba da baya. A ce Lamba 1 ya tashi Lahadi 14:00, kuma dutinsa na gaba Talata 14:00 ne. Kafin sabon dutin yana da awa 24, bayansa yana da awa 16. Ya dace, sai a ba shi.

Rakiyar Laraba tana da hanya biyu. Ko a bai wa wani mai jin harshen, ko a matsar da ita zuwa 14:00. Idan aka matsar, a sani cewa ba sabon duti ba ne, tsawaita na safe ne: aikin ranar ya zama daga 06:00 zuwa 17:00, awa 11, kuma daga 17:00 za a fara ƙirga hutu. Safiyar Juma'a kuwa ba ta da gyara sai a ɗauke mata ita gaba ɗaya.

Akwai ƙa'idar da ke rage wahala tun wurin tsarawa. Idan za a sauya wa mutum duti, a tura shi gaba yadda rana take tafiya: daga safe zuwa yammacin gobe, daga yamma zuwa daren gobe. Kowanne yana ba da awa 24. Komawa baya ne ke kawo matsala: yamma zuwa safiyar gobe awa 8, dare zuwa yammacin ranar da aka tashi awa 8, dare zuwa safe sifili.

Wanda yake da kwamfuta a ofis zai iya yin wannan a Excel. A zuba dutin mutum ɗaya a jere, farawa a shafin A, tashi a shafin B, kowanne da kwanan wata da awa tare. A gidan C3 a rubuta wannan, a ja shi ƙasa:

```
=(A3-B2)*24
```

A mai da shafin C na lamba zalla. Idan aka zuba awa babu kwanan wata, duk hutun da ya ratsa tsakar dare zai fito a karkace.

Abin da lissafi ba ya kamawa

Jadawali yana iya fita tsaf a takarda, ya lalace a mako. Abu na farko musanya ta baki. Mutum biyu su shirya tsakaninsu, ɗaya ya riƙe wa ɗaya dare saboda suna ko jana'iza, ba wanda ya rubuta. Duk musanya sai an kai wa mai jadawali kafin ranar, a auna layukan mutum biyun.

Na biyu hanya. Duti da ya ƙare 14:00 a Kilomita Biyar da wani aiki da ya fara 14:00 a tsakiyar gari ba su yi karo a lissafi ba, amma ba wanda zai isa a minti sifili, balle ranar ruwan sama. A ƙara lokacin tafiya a kan awar tashi kafin a cire.

Na uku dokar hana fita. A Bangui rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 18:00 kusan duk shekara, kuma an sha sa dokar hana fitar dare, kamar yadda aka yi a Janairun 2021. A irin wannan lokaci mai tashi 22:00 ba ya iya komawa gida, mai karɓarsa ma dole ya iso tun da haske. Sai a sake yanka awannin dutin bisa lokacin da ake iya tafiya, a sake lissafin daga farko.

Idan ka duba layinka ka samu amsar da ta gaza 11, kai wa mai jadawali takardar da lissafin a jiki, tun kafin makon ya fara. Ce masa: "Malam, na tashi Litinin 22:00, an sa ni Talata 06:00, awa 8 ne." Magana mai rana da awa ta fi "na gaji" saurin samun gyara, kuma ta ba shi lokacin neman wanda zai riƙe wurin.